WAYA BA TA DA ZAURE

A wannan mako ina so in amsa wata tambaya wadda ta yawaita gare ni, waɗansu da baki, waɗansu a takarda. Masu tambaya suna cewa baƙin lambobi sun dame su da kira da saƙonni dare da rana, wannan na talla, wancan na zamba, ko akwai wata dabara da mutum zai toshe su gaba ɗaya ya huta? To, dabara akwai ta, zan kuwa bayyana ta filla-filla. Amma tun da fari in faɗi ra'ayina, don kada wani ya ce na rufe shi. Toshe lamba darnin kara ne. Yana hana akuya shiga gida, ɓarawo kuwa tsallake shi yake yi. Wanda ya dogara gare shi kaɗai ya kwanta barci, lalle wata rana zai farka ya tarar an yi masa sakiyar da ba ruwa.

Ku duba yadda iyayenmu suka tsara gida. Baƙo ba ya afka wa mutum. Sai ya tsaya a ƙofa ya yi sallama, a aiko yaro ya tambaye shi daga ina, wa yake nema, sa'an nan maigida ya fito zaure ya dube shi ido da ido. In maganar kuɗi ce, sai a ce ya dawo gobe, kafin goben kuwa an tambayi mutanen unguwa ko an san asalinsa. Tun da wayar hannu ta shigo ƙasar nan a shekarar 2001, baƙo ya sami hanyar da zai tsallake ƙofa da yaro da zaure, ya faɗo cikin aljihun maigida, ya yi masa raɗa a kunne alhali yana tsakiyar ciniki ko yana kan babur. Aikin da ke gabanmu shi ne mu gina wa waya zaurenta. Ginin nan kuwa rabinsa a cikin wayar ake yi, rabinsa a cikin halin mai ita.

Mu fara da rabin da ya fi sauƙi. Baƙin da ke damunmu iri uku ne: mai talla, da baƙon kirki wanda ba mu ajiye lambarsa ba, da macuci. Kowanne da maganinsa, kuskuren mutane shi ne su ɗauki maganin ɗaya su sha don ɗayan.

Mai talla shi ne kamfanin waya da abokan cinikinsa, masu aiko wa mutum saƙon ya sayi waƙa, ko ya shiga gasa, ko ya karɓi labarin ƙwallo. Saboda su Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, ta tilasta wa kamfanonin waya a shekarar 2016 su buɗe lamba guda, 2442. Wanda ke son a daina aiko masa talla sai ya rubuta kalmar STOP da haruffan boko ya aika wa 2442. Ba a cire masa ko kwabo. In yana son waɗansu tallace-tallacen su riƙa zuwa, waɗansu a tsai da su, sai ya aika HELP, a jero masa zaɓi. In yana son ya tabbatar ko an rubuta sunansa cikin waɗanda ba a damu, sai ya aika STATUS. Saƙon banki na shigar kuɗi da fitarsu ba a lissafa shi cikin talla. Idan kuwa bayan kwanaki talla bai tsaya ba, sai ya fara kai ƙara ga kamfaninsa, in ba su biya masa bukata ba ya kira 622, lambar da hukumar ta keɓe don koke-koken jama'a, ita ma kyauta ce.

Wannan abu ne mai kyau, ina kuma shawartar kowa ya yi shi yau. Amma a lura da iyakarsa. Doka ce aka ɗora wa masu bin doka. Macuci ba ya zuwa neman izinin talla. Layi yake saya irin nawa da naka, ya aiko saƙo kamar yadda ɗan'uwanka zai aiko, don haka 2442 ba ta ganinsa sam. Amfaninta guda a wajen yaƙi da zamba shi ne ta share tsakar gida: in tarkacen talla ya ragu, baƙon saƙo ya fi fitowa fili.

Sai toshe lamba ɗaiɗai. Kusan kowace waya tana da wannan. A babbar waya, mutum ya buɗe jerin kiran da aka yi masa, ya danne lambar da yatsa har zaɓi ya fito, ya taɓa inda aka rubuta Block. A ƙananan wayoyi masu maɓalli sau da yawa sunan wurin Blacklist. Daga nan wannan lamba ba ta ƙara samunsa. Ga mai nacin da ke damun 'yarka da kira, ko wanda ya ɓata lamba ya ƙi yarda ya ɓata, wannan ya isa. Macuci kuwa ba da layi ɗaya yake aiki ba, in ka toshe na safe ya kira ka da na yamma. Gaskiya ne tun watan Disamba na 2020 hukuma ta ce a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN, amma wanda sana'arsa sata ce ba ya rasa layin sata, ko wanda aka yi wa rajista da sunan wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Saura babbar toshiya, wadda masu tambaya suka fi so, watau a hana duk lambar da ba a ajiye ba. A nan akwai wani ruɗani da ya kamata a warware. A wayoyi da yawa na Android, in ka shiga Blocked numbers za ka ga maɓalli mai suna Unknown. Mutane suna kunna shi suna tsammani sun rufe ƙofa ga duk baƙo, alhali abin da yake hanawa shi ne kiran wanda ya ɓoye lambarsa, irin wanda ke fitowa ba lamba ko kaɗan. Baƙuwar lamba da ta fito a sarari tana shigowa yadda ta saba. Wayar iPhone ita ce tun 2019 ta kawo hanyar da za a sa duk lambar da ba a sani ba ta shigo shiru ba ƙara. WhatsApp ma ya kawo irinta a 2023: a shiga Settings, a shiga Privacy, a shiga Calls, a kunna Silence unknown callers. Kiran ba zai yi ƙara ba, amma za a gan shi a jere daga baya.

To, wa ya kamata ya yi wannan? Tsohuwar da 'ya'yanta da jikokinta ne kaɗai ke kiranta, da yaron makaranta, lalle a yi musu. Ɗan kasuwa fa? Mai sayar da hatsi a Dawanau, ko mai atamfa a Kantin Kwari, arzikinsa a hannun baƙuwar lamba yake. Direban da ya ɗauko masa kaya daga Maraɗi da lambar da bai sani ba zai kira shi. Haka ma'aikacin asibiti in an kawo ɗan'uwansa, haka ɗansa in wayarsa ta mutu ya ari ta wani a tasha. Wanda ya rufe wannan ƙofa don gudun ɓarawo ya kori baƙin alheri goma saboda mugu ɗaya. Shi ya sa nake cewa ga yawancinmu ɗaukar baƙon kira tilas ne. Abin koyo shi ne yadda za a ɗauka ba a cutu ba.

Bari in kawo abin da ya sami wani maƙwabcina, mai sayar da buhunan masara, mutum mai hankali wanda ba a taɓa yi masa wayo a kan mudu ba. Ya yarda in faɗi labarin muddin ban ambaci sunansa ba. Wata ranar Juma'a da la'asar saƙo ya shigo masa da Turanci. Shi ajami yake karantawa, sai ya miƙa wa yaron shagonsa. Yaro ya ce an rubuta wai za a rufe asusunsa na banki a yau saboda lambarsa ta BVN ba ta daidaita ba. Ba a yi minti goma ba sai ga kira. Mai kiran ya yi sallama da Hausa tsantsa, ya ambaci cikakken sunansa har da na mahaifinsa, ya faɗi sunan bankinsa, ya ce shi ma'aikacin babban ofis ne, in ba a gyara kafin ƙarfe biyar ba kuɗinsa za su maƙale har wata uku. Ga shi kuwa ranar Asabar zai biya kuɗin kaya.

Mutumin ya ce ya ɗauko katinsa na cirar kuɗi ya karanto dogayen lambobin da ke gaba, da wata da shekarar da katin zai ƙare aiki, da lambobi uku na baya. Ya karanto. Ya ce ya faɗi lambar sirri mai huɗu, wai don a soke ta a ba shi sabuwa. Ya faɗa. Sa'an nan ya ce, "Alhaji, yanzu saƙo zai shigo maka da lambobi shida, su ne shaidar an gyara, karanto mini." Saƙo kuwa ya shigo, daga bankin na gaskiya, ya karanto. Mutumin ya ce ba ta shiga ba, za a sake aiko wata. Haka har sau uku. Kafin ya ajiye waya naira dubu 200 ta fita, wata dubu 200 ta bi ta, sai dubu 75. Cikin dubu 480 da ya tara, abin da ya rage bai wuce dubu 5 ba.

Mu warware wannan, don a cikin warwarar amfanin yake. Abin da ya fara sa ya yarda shi ne mutumin ya san sunansa. Sanin suna kuwa ba shaidar kome ba ne. Lambar asusunsa mai lamba goma tana rubuce da fenti a ƙofar shago, tare da sunan banki da lambar waya, don masu biya ta waya. Duk wanda ya shigar da lambar asusun nan kamar zai aika kuɗi, sai cikakken sunan mai ita ya fito masa kafin ya biya ko sisi. Waɗansu sababbin bankunan waya ma lambar wayar mutum ita ce lambar asusunsa, in an cire sifirin farko. Ashe abin da maƙwabcina ya ɗauka sirri ne tsakaninsa da banki, kowane mai wucewa yana iya saninsa.

Sai lambobin nan shida, waɗanda ake kira OTP. Lokacin da yake karanto lambobin kati, macucin yana shigar da su a wani wurin biyan kuɗi na intanet. Banki kuwa ya kafa ƙa'ida, ba ya sakin kuɗi sai ya aika wa wayar mai asusu wata lamba ta ɗan lokaci, wadda ke aiki sau ɗaya, don ya tabbatar shi ne ke biya. Watau mabuɗin ƙarshe yana hannun mai kuɗi, ɓarawo ba shi da hanyar samunsa sai a miƙa masa. Duk kiran nan, da sallama da girmamawa da tsoratarwa, don lambobin nan shida aka yi shi. Kowace “ba ta shiga ba” kuwa sabon biya ne. Abin takaici, irin wannan saƙo yakan zo da gargaɗi a jikinsa cewa kada a faɗa wa kowa lambar, amma da Turanci, mai wayar kuwa lambobin kaɗai ya iya karantawa.

Yanzu ku tambayi kanku, wace toshiya ce za ta cece shi? Ya riga ya aika STOP tun bara. Lambar ba ta taɓa kiransa ba balle ya toshe ta. Ba kuma zai iya rufe baƙin lambobi ba, don a ranar yana jiran direba. Abin da zai cece shi magana ɗaya ce: “Na ji, zan zo banki da kaina.” Ya kashe waya.

Saƙon zamba yana canza riga kullum. Yau BVN, gobe tallafin gwamnati, jibi ka ci gasar da ba ka shiga ba, gata an turo maka kuɗi bisa kuskure ka mayar. Wanda ya ce zai haddace rigunan zai gaji. A dubi jikin da ke cikin rigar, shi ba ya canzawa. Da fari yana motsa zuciya, ko da tsoro ko da kwaɗayi. Sa'an nan yana ƙuntata lokaci, yau, yanzu, kafin ƙarfe biyar, kada ka kashe waya, don ya san in ka sami sararin tambayar wani asirinsa ya tonu. Ba banza ba yakan zaɓi yammacin Juma'a, lokacin da banki ke shirin rufewa sai Litinin. Daga ƙarshe yana neman ɗayan abu uku: ka faɗi wata lamba ta sirri, ko ka taɓa wani shuɗin rubutu da zai kai ka wani shafi, ko ka fara biyan wani abu kafin a ba ka. In waɗannan alamu suka taru a saƙo ɗaya, ba sai an kira malamin makaranta ya duba Turancin ba.

Kada kuma sunan da ya fito a saman saƙo ya ruɗe ku. Masu aika saƙo da yawa a lokaci guda suna iya sa suna a madadin lamba, macuta kuwa sukan sa sunan da ya yi kama da na banki, wani lokaci harafi ɗaya ne bambanci. Da irin wannan ake yi wa 'yan kasuwa alat na ƙarya: mai saye ya ce ya tura, saƙo ya shigo, a ɗora masa kaya, sai dare a ga ba abin da ya shiga. Saƙo ba kuɗi ba ne. A duba ragowar da ke cikin asusu ta hanyar da aka saba, in ta ƙaru a saki kaya. Haka manhajar nan Truecaller da ke nuna sunan mai kira. Tana da amfani wajen nuna lambar da mutane da yawa suka yi ƙara a kanta, amma sunayen daga hannun jama'a take tattara su, macuci na iya sa wa layinsa sunan ofishin banki.

Har sananniyar lamba ma ba a sakankance da ita ba. Akwai masu kiran mutum su ce daga ƙungiyar unguwa ko ta tsofaffin ɗalibai suke, za a yi taro ta waya, an aiko masa lambobi shida na shiga, ya karanto. Lambobin nan na rajistar WhatsApp ɗinsa ne. Da ya faɗa sai su ɗauke shi zuwa wayarsu, su bi 'yan'uwansa ɗaya ɗaya da sunansa da hotonsa suna roƙon rance na gaggawa. Maganin wannan shi ne a shiga Settings, a shiga Account, a kunna Two-step verification, a sa lamba shida wadda mai waya kaɗai ya sani. Wanda kuma ɗan'uwa ya roƙe shi kuɗi a rubuce, ya kira shi ya ji muryarsa tukuna.

Ga zauren da nake nufi, ƙa'ida biyu ce tak. Ta ɗaya, lambar sirrin kati, da lambobi uku na bayansa, da duk wata lamba da aka aiko ta saƙo, ba a faɗa wa mai kira, ko wane ne shi. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayarsu, don aikinsa ba ya bukatarsu. Ta biyu, duk wanda ya kira da maganar kuɗi, a kashe, sa'an nan a nemi wurin da ya ce ya fito ta hanyar da aka riga aka sani: lambar da ke bayan kati, ko ƙafa zuwa reshe. Kamfanin waya kuwa 300 ake kira, tun da aka daidaita gajerun lambobi a 2023. Kada a kira lambar da ke cikin saƙon, wannan komawa ne wurin ɓarawo a tambaye shi ko shi ɓarawo ne. Na san al'adarmu tana ganin rashin ladabi ne a katse wa mutum magana, macuta ma sun sani, da kunyarmu suke cin abinci. Mutumin kirki ba ya fushi don an ce a bari a bincika.

In kuwa tsautsayi ya riga ya faɗa, minti ɗaya yana da daraja. A kira banki nan take a ce a rufe kati da asusu. Bankuna da yawa suna da gajeriyar lamba ta rufe asusu wadda ake iya dannawa ko daga wayar wani, sai kowa ya tambayi tasa tun yau ya rubuta a takarda. Kada a goge saƙonnin da lambar da ta kira, su ne shaida. A kai ƙara banki a rubuce a karɓi lambar ƙarar, a sanar da 'yan sanda ko hukumar EFCC. Kuɗin sata ba sa kwana a asusu ɗaya, rarraba su ake yi a cire, don haka wanda ya jira Litinin da wuya ya ga wani abu. Maƙwabcina kunya ta sa ya yi shiru har kwana biyu. Wannan kunya ba ta da wuri. Wanda aka cuta ba shi ya yi abin kunya ba, shirunsa kuwa shi ke ba macuci damar kiran na kusa da shi.

Ina da magana kuma ga bankuna da kamfanonin waya. Macuci ya koyi Hausa, yana yi mana magana da harshenmu, da ladabinmu. Gargaɗin da zai tsare mu kuwa yana zuwa da Turanci. Me zai hana saƙon da ke ɗauke da lambobin nan shida ya zo da layi ɗaya na Hausa, mai cewa kada a faɗa wa kowa, ko da ma'aikacinmu ne? Ko a bar mai asusu ya zaɓi harshen da za a riƙa aiko masa saƙo tun ranar da ya buɗe? Wanda ya karɓi ajiyar mutane, haƙƙinsa ne ya yi musu gargaɗi da harshen da suke ji.

Kafin su yi, mu yi namu. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa na gida, musamman tsofaffi da mata da yaran shago masu karanta wa iyayen gidansu saƙo. A ɗauki wayar tsohuwa a ajiye mata lambobin 'ya'yanta, a aika mata STOP, a koya mata kalmomin nan: “Na ji, zan bincika.” In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Sai mako mai zuwa in muna da rai. Wasalam.